Firiji ɗaya a Tawa

A watan Afrilu na je Tawa duba Inna, na tarar da ƙanena yana lissafin buɗe sana'ar ƙanƙara da sola. Na ce, "Kai, mu gani tukun."

Firijin daskarewa mai cin wat 150, a wannan zafin namu injinsa kusan ba ya hutawa, ka ce awa 16 a yini, wato kilowat-awa 2.4. Ranar Tawa tana ba da kamar awa 6 mai ƙarfi, amma ƙura da zafi suna rage abin da faifan sola ke bayarwa, don haka faifai biyu masu wat 300 ne daidai. Inda kuɗi ke nutsewa shi ne batir. Sai muka ce a daskare da rana, a kashe da dare, ƙanƙarar ta riƙe sanyin. In da safe ledojin sun yi laushi, to buɗe murfi ya yi yawa.

Abin da ya fi burge ni: masu sayar da zoɓo da nono su kama gurbi a firijin, su tura jika ɗaya kowane mako ta Airtel Money. Ba bin bashi ƙofa ƙofa. Inna dai ta ce gurbinta kyauta ne.