Gola, idan bakfas zai shige raga ka sa hannu kawai

Na daɗe ina tsaron raga, kuma har yau babu abin da ke jawo gardama a fili kamar bakfas, da zarar gola ya kama ƙwallon da ta fito daga wajen ɗan bayansa sai ka ji ƴan kallo sun ɗau ihu wai fenariti ne. Ba fenariti ba ne jama'a, ko kusa. Cikin sha takwas ɗinka in ka taɓa bakfas da hannu, hukuncin firikik ne irin wanda ba a ci kai tsaye, sai wani ya taɓa ƙwallon kafin ta shiga, kuma babu kati, ko yalo balle ja.

Dokar ta shigo ne a 1992, bayan kofin duniya na 1990 a Italiya inda ɓata lokaci ya ishi kowa, a ba gola ya kama ya mirgino wa ɗan baya, ɗan baya ya mayar masa, haka dai. A 1997 aka haɗa da jifa, wato in ɗan ƙungiyarku ya jefo maka daga gefen fili kai tsaye, ita ma ba ka da ikon kamawa.

Ni abu biyu nake duba kafin in miƙa hannu. Da ƙafa ya bugo? Kuma ni ya nufa da gangan? In duka biyun eh ne to hannu ya haramta. Ƙafa a nan daga idon sawu ne zuwa ƙasa, saboda haka in ya turo min da kai ko ƙirji ko cinya ko gwiwa, kamawa zan yi abina hankali kwance. In kuma ɗan baya ya zo ya fitar da ƙwallo ta zame masa ta yo baya, ko an buga ta doki ƙafarsa ta karkato, wannan ba fasin ba ne, kama abinka. Sai dai akwai masu wayon da za su ɗaga ƙwallo da ƙafa su sa mata kai su turo maka don a zagaye doka. Wannan rafali zai busa ko ka kama ko ba ka kama ba, kuma ɗan bayan ne zai sha yalo.

Ga wanda ya faru da ni. Muna gaba da ci ɗaya, an matsa wa mai lamba 5 ɗinmu a gefen dama, bai ɗago kai ba ya dawo min da ƙwallo da ƙarfi, ni kuwa na riga na fito gefen turke na kusa ina jiran fasin, ita kuma ta nufi ɗaya kusurwar ragar. Da gudu na koma amma na ga ƙafata ba za ta kai ba, sai na yi tsalle na doke ta da tafin hannu, kamar taku biyu tsakaninta da layi. Rafali ya busa. Ƴan ɗaya ƙungiyar suka yi masa caa wai jan kati ne tunda na hana ci, ya ce babu kati, kuma gaskiyarsa, don gola a cikin gidansa ba a ba shi kati kan wannan laifin ko da ƙwallon raga za ta shiga. To ka auna da kanka mana, ci tabbas ko firikik, wanne ya fi sauƙi?

Tunda a cikin ƙaramin akwati na taɓa ta, ba a nan aka ajiye ba, an dawo da ita kan layin ƙaramin akwatin, mita 5.5 daga raga, daidai saitin inda na taɓa. Ka'ida dai a ja baya mita 9.15, amma tunda babu wannan filin an yarda mu tsaya kan layin raga tsakanin turakun biyu. Dukkanmu muka jeru kamar sahun sallah, ni a saitin ƙwallo. Na ce wa yarana kada wanda ya motsa sai ƙwallo ta motsa, tana motsawa kuma kowa ya afka. Ɗaya ya ɗan taɓa, na biyu ya ɗaɗa, kafin nan mun rufe shi, ta doki cinyar wani ta fita kwana. Abin lura a nan, rafali zai ɗaga hannu ɗaya sama, alamar ba a ci kai tsaye ke nan. In mai bugu ya narka ta raga ba ta taɓa kowa ba to bugun gola ne, amma in ta goge ka ko da ɗan yatsa ne ta shiga, ci ne.

Akwai sassaucin da aka yi a 2019 da da yawa ba su sani ba. An ba ka bakfas, ka kai mata duka da niyyar fitarwa sai ta kuɓuce ko ta tashi sama a kanka, yanzu kana iya kamawa, tunda kowa ya ga ba ɓata lokaci ka zo yi ba. Riƙe ƙwallo kuwa a da daƙiƙa 6 ce kuma kusan ba mai busawa, daga kakar 2025/26 ta koma 8, rafali zai ƙirga maka biyar na ƙarshe da yatsu, ka wuce a ba su kwana. In ka ajiye ta ƙasa kuma shi ke nan, ba ka sake ɗauka sai wani ya taɓa.

A fenariti ma ƙafar ce dai. Ƙwallo na mita 11, kana fuskantar mai bugu, kuma lokacin da ya doka dole wani ɓangare na ƙafarka ɗaya ya kasance kan layi, ko saitinsa a sama, ko bayansa. Ɗaya kawai, don haka ni nakan bar ta baya a kan layi in yi taku gaba da ɗayar zuwa ɓangaren da zan faɗi. In ka fito da duka biyun ka kaɗe, a sake, a ja maka kunne, ka maimaita yalo. In ta shiga kuwa ci ne, fitowarka ba ta cece ka ba. Jijjiga raga da taɓa turke babu, kuma tun 2023 an tsaurara kan tsokanar mai bugu da ja masa lokaci, bayan abin da aka ga golan Ajantina Emiliano Martínez ya yi a kofin duniya na 2022.

Shi mai bugu yana da damar yin tsaye-tsaye da yaudara yana cikin gudu, shi ya sa ba na faɗuwa da wuri, ina kallon ƙafar da zai dasa gefen ƙwallo ne. Amma in ya gama gudun ya ɗaga ƙafa kamar zai buga ya fasa don in faɗi, yalo ne da firikik namu, ko ya ci ba a lissafawa. Sannan in ta doki turke ta dawo masa ba wanda ya taɓa, ba shi da ikon sake bugawa, amma in ni na kaɗe ta dawo gabansa yana da dama. Saboda haka in zan kaɗe, gefe nake turawa can wajen layin kwana, kuma tun kafin a busa nake gaya wa ƴan bayana biyu su tsaya bakin layin sha takwas, ɗaya dama ɗaya hagu, ana bugawa su riga shi zuwa.