Takardar tayin aikin duba rijiyoyi

Daura, Talata

Yau ban fita ba sai sallah. Wata ƙungiya ta aiko mini da saƙo mai layi uku, wai suna son a "duba rijiyoyin burtsatsensu" da ke Daura, Sandamu da Zango, in aiko da tayin aiki kafin Alhamis. Da safe na kira jami'insu, na ce, "Ranka ya daɗe, dubawar ta wace iri ce? A ƙirga masu aiki da matattu, ko a buɗe a gano ciwon, ko a gyara?" Ya ce lissafin kuɗin gyara suke so su kai wa masu ba su tallafi. Rijiyoyin sittin ne, arba'in na tuƙa-tuƙa, ashirin masu sola.

Da wannan na rubuta iyakar aikin. Zan je kowace rijiya, in ɗauki hoto, in auna ruwan da take bayarwa a minti ɗaya, in duba famfo da tanki, in zanta da masu kula da ita. Sai na sa wani sakin layi na abin da ba ya ciki: babu gyara, babu zaro famfo daga rami, babu binciken wurin haƙa sabuwa. Wannan sakin layin na fi ɗaukar lokaci a kai, domin ranar da aka je ƙauye mai gari ya ce ga wata can bayan makaranta a taimaka a duba, shi ne zai raba gardama.

Abin da zan miƙa uku ne: jadawalin rijiyoyin da halin kowacce, rahoto mai kiyasin kuɗin gyara wanda bai wuce shafi 25 ba, da zama ɗaya na gabatarwa a ofishinsu. Gyaran rahoto sau ɗaya ne bayan sun karanta.

Ni da mataimaki muna iya duba rijiya huɗu a yini, wato kwana 15 a ƙauyuka. Shiri kwana 2, rubutu 5, gabatarwa 1, ya zama kwanakin aiki 23. Amma mako bakwai na rubuta musu, saboda akwai makon jiran sakamakon gwajin ruwa, akwai kuma makon da za su karanta daftari. Ban sa ranar wata ba. Na ce ƙirga zai fara ne daga ranar da kason farko na kuɗi ya shigo asusuna.

Bayan la'asar ƙanina da ke koyon aikin ya karanta, ya tsaya a sashen sharuɗɗa. Ya ce, "Yaya, wannan ba zai sa su ga kamar kana neman hanyar zillewa ba?" Na ce masa ya duba rijiya huɗun nan a yini, a kan me ta tsaya. Ta tsaya ne a kan su ba ni sunayen ƙauyuka kafin in fita, su rubuta wa hakimai takardar gabatarwa, su haɗa ni da wanda ya san hanya, kuma a gama kafin damina ta kankama. In aka ja har Agusta, wasu hanyoyin mota ba za ta bi ba, huɗu ta koma biyu, kwana 15 ya zama 30. Idan ban rubuta wannan ba, ni zan biya man motar ƙarin kwanakin, kuma ni za a ce na yi jinkiri. Shi kansa jami'in yana buƙatar ya san abin da ke kansa tun yanzu.

Kuɗi na raba gida biyu. Ladan aikina naira 80,000 a yini, sau 23, naira 1,840,000. Ɗawainiya daban: mota da mai 900,000, mataimaki 300,000, gwajin ruwan rijiyoyi ashirin 500,000. Jimla 3,540,000, ban da harajin kayayyaki da ayyuka na kashi 7.5, kuma na faɗi haka a fili. Raba su yana da amfani wajen ciniki. In sun ce ya yi yawa, ba zan taɓa ladan yini ba, sai dai mu rage yawan rijiyoyi ko na gwaji. Na kuma sa farashin ƙari: yinin fita ɗaya yana cin 160,000, don haka duk rijiyar da aka ƙara kan sittin ɗin naira 40,000 ce.

Biya kashi 40 a farko, 40 idan na miƙa daftari, 20 bayan gabatarwa. Tayin na kwana 30 ne, saboda farashin mai ba ya zama wuri ɗaya. Gobe da safe zan sake bin lissafin, in Allah ya yarda in tura kafin azahar.