Rabon aiki a shagon ɗinki: abin da nake riƙewa da wanda nake miƙawa

A shagona da ke kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, azumi na kamawa ɗinkin sallah yake fin ƙarfin hannu ɗaya, dole a raba. Ma'aunin da na tsaya a kai shi ne: in aka yi kuskure a wannan aikin, zai gyaru? Ɗinkin da ya karkace ana farke shi a sake, amma shaddar da almakashi ya ci ta tafi ke nan, sai dai in sayi wata. Shi ya sa awo, yanka da maganar kuɗi da mai kaya ba sa barin hannuna. Haɗawa, kalmasa, maɓalli da guga kuwa na yaran shago ne.

Da baki ba na ba da aiki. A cikin ƙarar kekuna da janareta, "ka yi shi da wuri" kowa da yadda zai fahimce ta. Takarda nake rubutawa in maƙala a ledar kayan. Misali, an kawo kaftani biyar na 'yan gida ɗaya, za a karɓa ran Asabar:

"Leda ta 14, kaftani biyar, na yanka, awon kowa na jikin nasa. Ka haɗa na babban yaron kaɗai, ka nuna min Litinin kafin azahar, kada ka taɓa sauran. Uku su kammala Talata da magariba, duka biyar Laraba da la'asar. In yadi ya kasa ko keke ya tsaya, kira ni nan take, kada ka yi ciko."

Dubawar Litinin ita ce mafi muhimmanci a takardar. Yaro in ya matse hammata a riga ta farko, haka zai matse ta a duka biyar, don hannunsa ya riga ya saba. In na gani a ɗaya, farka ce ta ɗan lokaci; in sai Laraba na gani, yini guda ya tafi, ga shadda kuma tana nuna sawun allura duk inda aka farke. Nakan shimfiɗa rigar a tebur, in sa tef a ƙirji da tsawon hannu, in juya cikinta in duba ɗinkin aljihu.

Talata ba kyau nake dubawa ba, sauri nake aunawa. In biyu na tarar maimakon uku, ba na jiran alkawarin "zan cike gobe", sai in ɗauke ɗaya in ba wani.

Wa'adin Laraba ma da dalili. Bayan haɗawa sai an kai wa mai aikin wuyan riga, kuma a ƙarshen azumi layi ne a wurinsa. Alhamis tasa ce, Juma'a ta guga da gyara, balle in wuta ta ɗauke. Ranar da mai kaya zai zo kuwa ba na rubuta ta a takardar, don yaron da ya ji Asabar, da Asabar zai yi lissafi.