Wasiƙar da na haɗa da tsarabar surukaina

Wata biyu da tarewar matata muka shirya zuwa garinsu, wani ƙauye a gefen Malumfashi, ita ta ga gida, ni kuma in gaida iyaye. Sayayya ba ta ba ni wahala ba. Na shiga Kantin Kwari na sayo turmin atamfa uku da shadda yadi goma da mayafi ɗaya, na wuce Mariri na sayo goro ƙwarya biyu, wato guda 200, aka naɗe mini a ganye. Na ƙara da dabino, turare, sabulu, sukari da alawar yara. Sai da kayan suka taru a falo na gane inda matsalar take: wane baki zan buɗe in ce wa surukina wannan naka ne, wannan na wance ne? Wanda ya durƙusa a zaure kai a sunkuye, gaisuwa ma da ƙyar take fita, balle rabon kaya. Ita ma amarya kunya ba za ta bar ta ta tsaya gaban mahaifinta tana lissafa abin da mijinta ya kawo ba. Shi ya sa na ce bari takarda ta yi magana.

Na rubuta shafi guda cif, na kai wa Baffana, wanda ya karɓa mini aure. Ya karanta har ƙarshe, ya ajiye, ya ce, "Ɗana, wa kake tsammanin zai karanta wannan?" Na ce surukina. Ya ce, "Shi da karatunsa na allo ne da ajami? Ƙanin matarka zai miƙa wa, yaro ya karanta da ƙarfi, duk wanda ke wurin yana ji. Sake dubawa da kunnen waɗanda za su saurara."

Da na sake karantawa a haka, sai na ga abubuwan da ban gani ba. Na rubuta sunan surukina a sama, ga shi ɗansa ne zai furta shi a gabansa. Na rubuta "matata" na bi da sunanta har sau uku, alhali 'yar fari ce, iyayenta ba sa kama sunanta, da laƙabi suke kiranta. Na kuma yabe ta da tarbiyya da iya girki da kalmomin da suka dace da tsakanina da ita, waɗanda uba ba zai so ya ji su daga bakin ƙaramin yaro ba. Baffa ya ce in mayar da ita "'yarku", yabon kuma in karkata shi ga gidan da ya rene ta.

Abin da ya fi daɗewa a kansa shi ne iyayenta mata. Surukina mata biyu gare shi, kuma mahaifiyar matata ita ce ta biyu. Ni kuwa da ita na fara, na ba ta layi uku na godiya, uwargida na sa ta a ƙasa da layi ɗaya. Baffa ya ce wannan kaɗai ya isa ya jawo wa surukata magana a tsakar gida bayan mun tafi, domin za a ce 'yarta ce ta kitsa wa miji. Tsarin gida ake bi: uwargida a gaba, sannan mai bi mata, kalma iri ɗaya, kaya iri ɗaya. Ya tambaye ni ko atamfofin kuɗinsu ɗaya ne, na ce launi kawai ya bambanta. Ya ce in akwai abin da nake so in ƙara wa mahaifiyar, in damƙa wa 'yarta ta kai mata ɗaki, kada ya shiga takarda. Haka ya ce game da kuɗi: a sa a ambulan daban, a ce "ɗan abin goro", ba a faɗin adadi.

Ga abin da ya rage bayan gyara:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga Baba. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan mun same ku lafiya da dukkan iyali. Mahaifina da Baffana suna gaishe ku ƙwarai. Ina ƙara godiya bisa amanar da kuka ba ni ta 'yarku, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ni ikon riƙewa. Ga 'yar tsaraba, ba yawa, a yi haƙuri. Shadda da turare na Baba ne. Turmi biyu na iyayenmu mata, Inna babba da Inna. Turmi ɗaya na Gwaggo. Mayafi da dabino na Kaka. Goro a taimaka a raba wa dangi da maƙwabta yadda Baba ya ga ya dace. Muna roƙon a ci gaba da sa mana albarka. Wassalam. Ɗanku."

Layin goron nan Baffa ne ya sa shi. Ni da na lissafa kawunai da baffanni ɗaya bayan ɗaya, ya ce baƙo bai san dangin gida kamar mai gida ba, kuma duk jerin da ya yi tsawo sai ya bar wani a waje. Wanda aka ambaci ɗan'uwansa aka tsallake shi ya fi jin zafi a kan wanda ba a ambaci kowa ba. Ya kuma sa na sake kwafe ta da hannuna da manyan baƙaƙe, don kada yaro ya yi ta in'ina.

Duk da haka akwai inda na kuskure, kuma ban hango shi ba. Da muka isa bayan azahar, ni da abokina muka cire takalma muka durƙusa a zaure, ita kuma ta shige ciki, yara suka bi ta da kaya. Abokina ya miƙa wa surukina ambulan, ya karɓa ya yi godiya ya zura a aljihu, domin dattijo ba ya buɗe abin da aka ba shi a gaban wanda ya kawo. Takarda ta zauna a aljihu har bayan isha'i, kaya kuwa tun kafin la'asar mata suka kwance su. Amarya tana ɗakin kakarta ana hira, ba wanda ya tambaye ta. Uwargida ta raba da kyakkyawar niyya, sai mayafin Kaka ya tafi hannun wata 'yar'uwa da ta zo taya murna.

Da na shiga ciki gaisuwa, Kaka ta ce, "Mai gidana, ka samu sabuwa ka manta da uwargida ko?" Kowa ya yi dariya, don wasan kaka da mijin jika ne. Amma da ta maimaita da za mu yi sallama, na san akwai magana a ƙasa. A mota matata ta gaya mini abin da ya faru. Abin da aka riga aka bayar ba a karɓowa, sai na sayi wani mayafin na aika a mako na gaba, ban ce komai game da na farkon ba don kada uwargida ta ji kunya.

Da ƙanina ya yi aure ya zo neman shawara, na ba shi wasiƙar nan ya kwafa, na ƙara masa abin da ni ban yi ba. Kowane ƙunshi muka ɗaure shi daban, muka manna 'yar takarda a kai, "Inna babba", "Inna", "Gwaggo", "Kaka". Wasiƙar zaure muka bar ta ga gaisuwa da godiya da neman albarka da maganar goro, tunda ita ana iya karanta ta ko da dare. Na kuma ce masa kafin ya rufe ambulan ya zaunar da matarsa ya karanta mata da ƙarfi, ta faɗa masa wa ya rene ta, wa ake kira da wane suna, wa ke zaune a gidan yanzu. A wannan karatun ne ta tuna masa da matar wan mahaifinta, wadda ta goya ta tana ƙarama, washegari ya koma Kwari ya ƙaro turmi ɗaya.