Alamar dala ce ta cinye mana kwana uku a NETWORKDAYS

Fomular NETWORKDAYS ta Excel ba ta da wahala ko kaɗan, ka ba ta ranar farawa da ranar gamawa da jerin ranakun hutu, ta cire maka Asabar da Lahadi da hutun ta ba ka kwanakin aiki. Abin da har yanzu yake min ciwo shi ne yadda take iya ba ka amsar ƙarya fuskarta a sake, babu jan rubutu babu #VALUE! babu komai.

Fayil ɗin jadawalin aikinmu wani abokin aiki ne ya haɗa shi a Excel kafin a miƙo min. Kowane sashe na aikin yana da layinsa, farawa a B, gamawa a C, ranakun da ba za a yi aiki ba kuma guda uku ne a H2 zuwa H4, wato 10 da 11 da 21 ga Maris 2025. A layi na biyu ya rubuta:

```
=NETWORKDAYS(B2,C2,H2:H4)
```

Daidai ne wannan, sai ya ja ta ƙasa. To ai da ka ja fomula ƙasa komai na cikinta yana sauka tare da ita, B2 ta koma B3 wanda dama haka ake so, amma H2:H4 ma ta koma H3:H5, ranar 10 ga wata ta fita daga lissafi kenan. Layi na huɗu H4:H6, ranar 11 ta bi ta. Kafin a kai layi na biyar fomular tana kallon H5:H7, gidajen da babu komai a ciki, kuma Excel ba ya ƙorafi a kan gidan da ba kowa, lissafinsa kawai yake kamar babu hutu a duniya.

Sashen da ya fi nauyi a layi na biyar yake, daga Litinin 3 ga Maris zuwa Juma'a 28 ga Maris, sati huɗu cif, fayil ya ce kwana 20. Mu kuma aikin kwana 19 muka ƙiyasta masa, sai muka ce ai har da rarar kwana ɗaya, manaja ya yi wa mai aikin alkawarin ranar 28. Alhali kwana 17 ne a hannunmu. Sai da aka ci rabin wata na zauna ina ƙirga ranakun da suka rage da yatsa a kalanda na ga lissafi ya ƙi haɗuwa, ranar 21 da kowa ya san ba aiki tana nan a cikin kwanakin da fayil ya ba mu. Ƙarshenta dai ofatayim aka biya, aka kuma ba mai aiki haƙuri, duk a kan rashin alamar dala guda huɗu da ke hana H2:H4 sauka in an ja fomula:

```
=NETWORKDAYS(B2,C2,$H$2:$H$4)
```

Danna F4 sau ɗaya bayan ka zaɓi H2:H4 shi ke sa su, ko sakan biyu ba ya kai wa. Ni yanzu ma na daina dogara da dalar, suna nake ba jerin hutun, in kira shi Hutu, sai fomula ta zama `=NETWORKDAYS(B2,C2,Hutu)`, ja ta duk inda ka ga dama ba ta gocewa.

Abin haushin, duk wanda ya duba fayil ɗin layin farko mai fomula ya duba, kuma layin farko lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa in aka ba ni irin wannan jadawalin yanzu ƙasa nake fara zuwa, in danna F2 a layin ƙarshe in ga inda akwatin mai launi ya zagaye. In yana kan ranakun hutu shi kenan, in ya zame yana zagaye da fili to an samu matsala. Wani gwajin kuma, a gefe ka rubuta fomular ba tare da hutu ba ka debe mai hutun daga ciki, a namu ya kamata a ga 3, da an yi da sifili za a gani tun ranar farko. Sai dai ka tuna hutun da ya faɗo Asabar ko Lahadi ba ya rage komai tunda dama an cire ranar, in an ɗaga shi zuwa Litinin to Litinin ɗin za ka rubuta a jerin.

Da nake gyaran na ci karo da wani abu da ya so ya sake rikita mu. NETWORKDAYS tana ƙirga ranar farawa da ta gamawa duka, Litinin zuwa Juma'a 5 take bayarwa, amma WORKDAY ba ta ƙirga ranar farawa, in ka ce mata kwana 5 daga Litinin sai ta kai ka Litinin ta gaba. Saboda haka da na zo fitar da sabuwar ranar gamawa ta kwana 19 ɗin nan sai da na rage ɗaya, `=WORKDAY(B5,19-1,Hutu)`, ta ba ni Talata 1 ga Afrilu, ranar da ya kamata a faɗa wa mai aikin tun farko.