Ranar da tambayata ta haifi amsa biyu

Makon jiya na rubuta wa 'yan aji huɗu tambaya: yara 50 za su yi tafiya, kowace mota tana ɗaukar yara 12, mota nawa? Wasu suka rubuta 4, wasu 5. Da na zauna yin maki sai na ga laifin nawa ne. Raba 50 gida 12 yana ba da 4, saura 2, ni kuwa ban faɗi abin da za a yi da yara biyun nan ba. Mai 4 ya ƙirga motocin da suka cika, mai 5 ya tuna ba a barin yaro a baya. Kowa da hujjarsa.

Na sake ta: mota nawa ake buƙata, mafi ƙaranci, domin kowane yaro ya samu wurin zama? Yanzu amsa 5 ce kaɗai.

Tun ranar daga amsa nake farawa. Idan rabawa zalla nake son gwadawa, sai in zaɓi mota 4, in ninka da 12, in samu yara 48, sannan in gina labarin. Ta haka ba za a wayi gari da rabin yaro a takarda ba.