Hawan Kugbo da wata Corolla

Da asuba muka bar Jos ni da Kawu, wanda ya shekara da shekaru yana gyaran motoci a Farin Gada. Mun gangara Hawan Kibo hazo bai gama washewa ba, muka yanki Akwanga da Keffi, cunkoson Maraba ya cinye mana sauran hantsin. Abin da ya kawo mu Abuja wata Corolla ce ƙirar 2008 mai giyar otomatik, da wani dillali ya ajiye a wajen Karu.

Tun daren jiya Kawu ya ja wa dillalin kunne a waya kada kowa ya tayar da motar kafin mu iso. Muna zuwa bai tsaya kallon fenti ba, ya buɗe bonet ya ɗora bayan hannu a kan injin. Sanyi ƙalau. Ya ce injin da aka ɗumama yana ɓoye ƙwanƙwasa da wahalar tashi, shi ya sa wasu ke tarar mai saye da mota tana aiki. Ya murɗa makulli bai tayar ba, yana duban fitilun dashbod: ta inji da ta jakar iska dole su kama tukuna, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, to wataƙila an cire ƙwanta ne. Duk sun kama. Ni kuma ya tura ni baya in tsaya wa salansa. Ɗan farin tururin da ke ɓacewa cikin mintuna ba komai ba ne. Shuɗin hayaƙi na nufin injin na shan baƙin mai, fari mai kauri da ya ƙi yankewa kuwa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba, galibi gasket ya ƙone. Nata ya fito fes.

"Alhaji, ku zaga layin nan ku dawo," in ji dillalin.

"A'a, ranka ya daɗe, har shataletalen AYA za mu kai. Ni zan zuba mai."

Dalilin Kawu shi ne man giya. Da sanyi yana da kauri, yana rufa wa farantan cikin giya da suka cinye asiri. Sai ya yi zafi ya tsinke sannan gaskiya ke fitowa, kuma hakan na bukatar tafiyar minti 20 ko fiye, wadda zagayen layi ba zai ba ka ba. Muka sha cunkoson Nyanya, wanda a ranar ya yi mana rana, domin kafin mu kama hawan Kugbo komai ya ɗau zafi.

A tsakiyar hawan ya taka totur sosai. Allurar juyin inji ta tashi daga wajen 2,000 ta haura 3,500, injin na kuka, amma gudun motar bai ƙaru ba. Can sai giya ta shiga da wani bugu da na ji a bayana. Lafiyayyar giya, in ka taka, takan sauko mataki ɗaya, kukan inji da gudu su tashi tare. Wannan kukan ya tafi ya bar gudun a baya. Ya sake takawa a gaba, ta sake yi. Dillalin, da ke zaune a baya, ya ce ai man giya ne kawai za a canja.

Da muka samu shimfiɗaɗɗen titi, Kawu ya ɗan sassauta riƙon sitiyari. Motar ta ja dama a hankali. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, domin titunanmu ana karkata su saboda ruwa, kuma taya mai ƙarancin iska ma na sa haka. Amma mun daidaita iska kafin mu tashi, sannan sitiyarin na zaune a karkace alhali muna tafiya miƙe.

Muka tsaya a gefe. Ƙafarsa a kan birki, ya sa R, wato giyar baya, yana ƙirgawa a fili. Sai da ya kai uku sannan ta kama, abin da da sanyi take yi nan take. Ya zaro sandar gwajin man giya ya goga a farar takarda. Maimakon ja, ya fito ruwan ƙasa mai duhu yana warin ƙuna. Ya ce sabon mai ba ya mayar da farantin da ya riga ya cinye, wani lokacin ma zamewar ƙaruwa take yi bayan an canja.

Sannan ya durƙusa gaban dama. Tayar ta cinye ta ciki kawai. Ya zura yatsu tsakanin taya da bayan fenda: huɗu a hagu, uku a dama, wato ƙafar ta ja baya. Kan kusoshin fendar duk fenti ya kankare, alamar sifana ta taɓa su, kuma a kan ƙarfen shasi akwai walda da aka lulluɓe da baƙin fenti.

Dillalin ya yi ragi sau biyu kafin mu koma Karu. Kawu ya ce giya ana iya sayo ta Beljiyam a Apo a cire kuɗin daga farashi, amma shasin da ya taɓa lanƙwasa zai yi ta cin taya ko an kai shi alaimen sau goma. Ya miƙa makulli, ya yi godiya, muka nemi masallaci a Nyanya, domin akwai wata motar da za mu duba a Kubwa bayan la'asar, kuma dole a kira mai ita kada ya tayar.